Tifa ta ƙwace a gangare: yadda ake warware tambayar sakaci a jarrabawar tot

Abin da ke kada ɗalibai a tambayar neglijens, wato sakaci a dokar tot mai sa a biya diyyar cutar da wani, ba rashin haddar kes ba ne, yawanci ma sun haddace su har da shekara. Matsalar ita ce da mutum ya karanta labarin sai zuciyarsa ta yanke hukunci tun a layi na biyu, wane ne mai laifi, ya biya kawai, sai ya cika shafi uku yana maimaita labarin da malami ya riga ya sani tunda shi ya rubuta shi. Alhali tambayoyi huɗu ne daban-daban, kowace da ma'auninta. Shin akwai nauyin kulawa a wuyan wanda ake ƙara game da wannan mutumin, wato diyuti. Shin ya gaza sauke shi, wato birich. Shin gazawar ce ta jawo ɓarnar, kozeshon ke nan. Sannan shin ɓarnar irin wadda doka za ta ɗora masa ce ko ta yi nisa, rimotnes. Mutum zai iya cin uku ya faɗi a ta huɗu, kuma idan ya faɗi a ɗaya shi kenan ba ko kwabo.

Ga tambaya irin wadda za ka iya gani a takarda, ƙirƙira ce. Wani Alhaji yana da tifar yashi a Gombe. Ranar Litinin bakanikensa ya ce masa birkin nan ba ya kamawa yadda ya kamata, a ajiye motar a gyara, kwana ɗaya aikin zai ci. Alhaji ya ce a bari a gama kwangilar satin nan tukuna. Ranar Alhamis direba ya ɗauko yashi, yana gangarowa daga wajen Tumfure zuwa cikin gari birki ya ƙi. Ga 'yan firamare suna tsallaka titi, sai ya karkata gefe, ya banke ɗan acaba da fasinjansa, ya afka wa teburin ɗan bumburutu. Fetur ya malala har murhun wata mai ƙosai, wuta ta tashi ta ƙone mata hannu. Matar tana da ciwon suga, ƙunar ta ƙi warkewa, ƙarshe aka yanke hannun. Ɗan acaban ba hular kwano a kansa, an kai shi wani asibiti, likitan da ke bakin aiki bai zo ba sai bayan awa uku, ya rasu, amma binciken gawa ya nuna ko a take aka duba shi ba zai tashi ba. Fasinjan ya karye a ƙafa, a asibiti aka ce sai an yi masa aiki, ya sa hannu ya fita ya tafi wajen mai ɗori, ƙafar ta ruɓe. Sannan wani ɗan kasuwar hatsi ya maƙale a gosulo na awa huɗu, mai sayen da ke jiransa ya gaji ya saya a wani wuri, ribar ta tafi. A ƙasa an rubuta: ka shawarci ɓangarorin.

Kafin ka taɓa alƙalami a takardar amsa, juya bayan takardar tambaya ka jera waye zai yi ƙarar wa, kuma a kan wace ɓarna. Iyalan ɗan acaba a kan Alhaji da direba, kuma a kan likita. Fasinja a kan Alhaji, amma ɓarnarsa biyu ce, karaya daban ruɓewa daban. Mai ƙosai ita ma biyu, ƙuna da yanke hannu. Ɗan kasuwa, asarar riba. Wannan rabewar ita ce rabin aikin wallahi, domin malamin da ya tsara tambayar kowane mutum ya saka shi ne don ya gwada abu ɗaya tak. Ba a banza aka ce matar tana da suga ba, ba a banza aka ce awa uku ba. Duk wani bayani da ka ga kamar ƙari ne, to a nan aka binne maki.

Mu fara da diyuti. Tushen shi ne Donoghue da Stevenson na 1932. Wata mata a garin Paisley na Sikotilan aka saya mata lemun citta a kwalba mai duhu da ba a ganin cikinta, ta sha wani, da aka zuba ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi, in ji ta. Ba ita ta saya ba, don haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa, kuma a da nan maganar take mutuwa. Alƙali Atkin ya ce dole mutum ya kula kada ya cutar da maƙwabcinsa, kuma maƙwabci a doka shi ne duk wanda aikinka zai shafa kai tsaye har ya kamata a ce ka tuna da shi lokacin da kake aikin. Kotunan Najeriya sun karɓi wannan tun tuni, ga Nigerian Bottling Company da Ngonadi na 1985 a Kotun Ƙoli, inda firji mai amfani da kananzir ya fashe ya raunata matar da ta saya. Idan kana da hukuncin gida ka sa shi gaba, na Ingila na zamanin nan shawara ce mai nauyi a wajen alƙalanmu, ba tilas ba.

To amma a tambayarmu diyuti ba wurin ɓata lokaci ba ne. Cewa mai mota da direba suna da nauyin kula da sauran masu bin hanya da na bakin hanya abu ne da aka gama yanke shi tuntuni, haka likita da majinyacin da aka karɓa a asibiti. Layi biyu ya isa. Sai ka ga ɗalibi ya kwaso matakai ukun nan na Caparo da Dickman na 1990, hangen cutarwa, kusanci, da dacewar ɗora nauyin, ya yi shafi guda yana tabbatar da cewa direban tifa bai kamata ya take mutane ba. Wa ya yi musu? Caparo na sabon yanayi ne wanda kotu ba ta taɓa yanke irinsa ba, kuma a Ingilar ma hukuncin Robinson na 2018 ya ja kunne cewa a daina jawo shi a inda doka ta riga ta zauna.

Wanda diyuti zai kayar shi ne ɗan kasuwar hatsi. Ba a taɓa jikinsa ba, ba a taɓa motarsa ko buhunsa ko ɗaya ba, kuɗi ne zalla ya rasa. Ƙa'idar ita ce babu nauyin kare mutum daga asarar kuɗi tsura wadda ba ta biyo bayan rauni a jikinsa ko lalacewar kayansa ba. A Spartan Steel na 1973 masu haƙa hanya sun yanke wayar lantarki, masana'antar narka ƙarfe ta zauna ba wuta sama da awa 14. Kotu ta ba su kuɗin ƙarfen da ya lalace a tukunya da ribar da ke kansa, amma ta hana su ribar sauran narkin da da sun yi a lokacin da babu wutar. Dalilin a fili yake, ka tsaya a titin da ya toshe ka ƙirga mutum nawa ne ya makara a ranar, mai zuwa banki, mai zuwa intabiyu, mai kai amarya, idan kowa zai kai Alhaji kotu ba ranar gamawa. Lura, asarar ɗan kasuwan abu ne da ake iya hangowa, kuma tifar ce ta jawo ta, duk da haka ya faɗi. Kada ka kai shi har rimotnes, a ƙofar farko ya tsaya.

Sai birich. A nan ba a tambayar ko Alhaji mutumin kirki ne ko yana da niyyar cuta, ba ruwan tot da niyya a wannan babin. Ma'aunin tun Blyth da Birmingham Waterworks na 1856 shi ne abin da mutum mai hankali da tsantseni zai yi ko zai bari a irin wannan halin. Kuma ba a rage ma'aunin don mutum sabon hannu ne, a Nettleship da Weston na 1971 matar da ke koyon tuƙi an auna ta da ma'aunin ƙwararren direba. Saboda haka ko da tambayar ta ce yaron mota ne aka ba sitiyari, amsar ba ta canzawa, sai ma ta ƙara wa Alhaji nauyi.

Inda ake samun maki shi ne auna abubuwa, ba furta sunan mai hankali kawai a wuce ba. Yaya yiwuwar hatsarin take, yaya munin abin idan ya faru, kuma nawa ne kuɗi ko wahalar kauce masa. A Bolton da Stone na 1951 ƙwallon kurket ya tsallake shinge ya bugi wata mata a kan titi, amma shaida ta nuna kamar sau shida kacal ƙwallo ya fita kan titin a shekara 30, kotu ta ce mai hankali zai iya ƙyale hatsari ƙarami haka. A Latimer da AEC na 1953 ambaliya ta sa daɓen masana'anta ya yi santsi, masu masana'antar suka zuba garin katako iya abin da suke da shi, wani ya zame a inda bai samu ba, kotu ta ce ba dole ne su rufe masana'antar gaba ɗaya ba. Yanzu ɗora Alhaji a kan wannan sikelin. Mota mai nauyi cike da yashi, birkin da aka riga aka ce ba ya kamawa, hanya mai gangara da ke shiga cikin jama'a, yiwuwar babba ce, munin kuma rai ne. Kuɗin kaucewa fa? Kwana ɗaya a gareji. Ka rubuta shi haka ɓaro-ɓaro da bayanan tambayar, ka nuna cewa sabanin Bolton ne ta kowane gefe.

Da a ce tambayar ba ta kawo maganar bakanike ba, lauyan Alhaji zai ce ɓoyayyen lahani ne, ba wanda ya sani. Akwai kes da ya yi kama da namu sosai, Henderson da Henry E. Jenkins na 1970, babbar mota birkinta ya ƙwace a gangare ta kashe mutum saboda bututun man birki ya yi tsatsa ya huje a wurin da ba a gani sai an kwance. Masu motar suka ce suna duba ta a kai a kai. Kotu ta ce bai isa ba, tunda ba su kawo shaidar irin kayan da motar ta ɗauka da irin wuraren da ta bi ba, ba su kore zargin sakaci ba. Wato idan mota ta bar titi ta hau kan mutane, abin da kansa yana magana, mai motar ne zai yi bayani. Mu dai a tamu an sauƙaƙa mana, an faɗa masa ranar Litinin.

Direba kuma sai a yi hattara. Tambayar ba ta ce ya san da maganar birkin ba. Kada ka ƙirƙiro, ka ce idan ya sani ko kuma ya kamata ya ji a ƙafarsa tun kwana uku yana tuƙa ta, to ya gaza da ya hau gangaren da lodi, idan kuwa bai sani ba da wuya a kama shi. Karkatawar da ya yi don kauce wa yara ba sakaci ba ce, doka ba ta auna wanda ke cikin firgici na daƙiƙa biyu da ma'aunin wanda ke zaune a ofis yana nazari. Abin lura, Alhaji ana iya kama shi ta hanya biyu, da laifin kansa na ƙin gyara, da kuma ɗaukar laifin yaronsa idan direban ya yi sakaci a bakin aiki. Ta farkon ta fi ƙarfi a nan domin ba ta jiran a kama direba.

Likita ma ya gaza, a ce awa uku majinyaci mai raunin kai yana kwance ba a gan shi ba, babu wata ƙungiyar likitoci masu mutunci da za ta ce haka ake yi, wanda shi ne ma'aunin Bolam na 1957. To a nan ne zuciya take yaudarar ɗalibi. Ya ga likita ya yi abin haushi, mutum ya mutu, sai ya rubuta likita zai biya.

Ba zai biya ba, kuma dalilin shi ne kozeshon. Tambayar da ake yi guda ce: ba don sakacin nan ba, da ɓarnar ta faru? Idan amsar ita ce e, da ta faru ko ta yaya, to sakacin ba shi ne sanadi ba. Barnett da asibitin Chelsea da Kensington, wanda ake kawowa da shekarar 1969, kusan shi malamin ya kwafa. Masu gadin dare uku suka sha shayi suka kama amai, suka je asibiti da safe, likitan da ke kan aiki shi ma ba ya jin daɗi, ta waya ya ce wa nas su koma gida su ga likitocinsu. Ɗaya ya mutu bayan wasu awanni, ashe gubar asenik ce a shayin. Kotu ta ce akwai diyuti, akwai birich, amma ko da an kwantar da shi maganin ba zai kai gare shi a kan lokaci ba, don haka matarsa ta faɗi. Haka iyalan ɗan acabanmu za su faɗi a kan likita, saboda jimla ɗaya tak ta binciken gawa. Abin da ɗaci amma tot ba hukunta mugun hali yake yi ba, biyan ɓarnar da ka jawo yake yi, ladabtar da likita aikin hukumar da ke kula da likitoci ne.

Ka juya gwajin kan Alhaji kuma. Ba don ya ƙi gyara birki ba, da ɗan acaba ya mutu? A'a. To mutuwar tana wuyansa, kuma jinkirin likita bai yanke igiyar da ta haɗa sakacinsa da mutuwar ba tunda bai canza komai ba. Ko da ma jinkirin ya taimaka, kuskuren asibiti na yau da kullum ba kasafai yake wanke wanda ya fara jawo raunin ba, sai idan ya yi muni ƙwarai, abin da aka fi yi shi ne a raba musu.

Hular kwano fa? Wannan ba maganar sanadi ba ce da za ta kori ƙarar, sakacin mai ƙara ne a kan kansa, kuma yanzu rage diyya ake yi da shi ba hanawa gaba ɗaya ba. A Froom da Butcher na 1976 kan bel ɗin mota an ba da jagora, a rage kashi 25 cikin ɗari idan da bel ɗin ya hana raunin ɗungurungum, kashi 15 idan da ya rage shi kawai, ba a rage komai idan da bai canza komai ba. Ka ajiye shi zuwa ƙarshen amsa wajen kariya, kada ka cusa shi a tsakiya.

Fasinja shi ne wurin da na fi so a tambayar nan, don a nan ne ba amsa ɗaya. Karayar ba gardama, ta Alhaji ce. Ruɓewar ƙafa fa? Gwajin ba don ba ya ce e, ba don hatsarin ba da bai je wajen mai ɗori ba. Amma gwajin nan shi kaɗai ba ya isa, don idan aka bi shi har ƙarshe sai a kama wanda ya sayar wa Alhaji tifar. Shi ya sa ake tambaya ta biyu, shin wani sabon aiki ya shigo tsakani wanda ya yanke igiyar. A McKew da Holland na 1969 mutum ya ji rauni a wurin aiki har ƙafarsa takan saki ba zato, ya san da haka, amma ya kama saukowa daga matakala mai tsayi marar abin riƙewa ba tare da ya jira taimako ba, ƙafar ta saki, ya yi tsalle ya karya idon sawu. Kotu ta ce wautarsa ce ta jawo rauni na biyu, masu aikin ba za su biya shi ba. Lauyan Alhaji zai ce ga shi nan, likita ya faɗa maka sai aiki, ka sa hannu da kanka ka fita.

Lauyan fasinja kuma yana da abin faɗa, kuma ɗalibin da ya tsaya a McKew ya bar maki a ƙasa. A Gombe ko Bauchi zuwa wajen mai ɗori bayan karaya ba wani abin mamaki ba ne, duk wanda ya banke mutum ya san akwai yiwuwar can za a nufa, kuma sau da yawa ba taurin kai ba ne, kuɗin aikin ƙashi ne babu. Idan rashin kuɗi ne ya fitar da shi, da wuya a kira shi wauta irin ta McKew, musamman idan Alhajin da ya jawo abin bai kawo ko sisi na magani ba. A ganina amsar ta rataya a kan dalilin fitarsa da kuma abin da aka faɗa masa. In an gargaɗe shi ƙarara cewa ƙafar za ta iya ruɓewa, yana da halin biya, ya ƙi, igiyar ta yanke ko aƙalla a rage masa sosai. In talauci ne, ni zan karkata ga cewa ba ta yanke ba. Ka kawo duka biyun sannan ka zaɓi ɗaya, malami ba ya son ɗalibin da ya tsaya a tsakiya ya ce kotu ce za ta yanke, ai kai aka tambaya.

Saura mai ƙosai, ita aka ajiye wa rimotnes. Bambancinsa da kozeshon shi ne wancan yana tambayar ko kai ka jawo, wannan kuma ya yarda kai ka jawo, yana tambayar iya ina za ka biya. Tsohuwar ƙa'ida ta Polemis ce ta 1921, ma'aikata suka saki katako ya faɗa cikin rumbun jirgin ruwa mai cike da tururin fetur, tartsatsi ya tashi jirgin ya ƙone ƙurmus, kotu ta ce tunda akwai sakaci za a biya duk abin da ya biyo baya kai tsaye ko ba wanda ya hango shi. Wagon Mound na 1961 ya juya wannan. Jirgi ya zubar da baƙin mai a tashar ruwan Sydney, man ya bi ruwa har wani wurin gyaran jirage inda ake walda, narkakken ƙarfe ya faɗa kan wani tsumman auduga da ke yawo a ruwan, wuta ta kama ta cinye wurin. An samu a shaida cewa ba a zaci irin wannan man zai kama wuta a kan ruwa ba. Sai aka ce ɓata wurin da mai abu ne da ake hangowa, gobara kuwa a'a, don haka ba a biyan gobarar. Ma'aunin ya koma irin ɓarnar da mai hankali zai iya hangowa.

Lauyan Alhaji zai rungumi wannan, ya ce abin da ake tsoro daga tifa marar birki shi ne ta take mutum, wa zai zauna ya hango fetur zai gangara ya tarar da murhun ƙosai? Amsar tana cikin Hughes da Lord Advocate na 1963. Ma'aikata a Edinburgh suka bar rami a buɗe da tanti a kansa da fitilun kananzir kewaye, yaro ɗan shekara takwas ya shiga wasa, fitila ta faɗa ramin, abin ya yi bindiga ya jefa shi ciki ya ƙone. Fashewar ba wanda ya zata, amma ƙuna daga fitila abu ne da ake hangowa, kotu ta ce ya isa. Ba sai ka hango yadda abin zai faru dalla-dalla ba, ko girmansa, irinsa kawai. To duk wanda ya san bakin titinmu ya san akwai galan-galan na fetur a kan tebur, akwai masu suya da masu shayi da wuta a buɗe, gobara bayan babbar mota ta afka gefen hanya ba baƙon abu ba ne ko kaɗan. Kuma fetur ba baƙin man Wagon Mound ba ne, yaro ma ya san yana kamawa. Ƙunar tana ciki.

Dabarar da ke nan, wadda ba a cika faɗa a aji ba, ita ce duk rigimar rimotnes a kan yadda ka siffanta irin ɓarnar take. Mai ƙara zai faɗaɗa, ya ce rauni a jiki daga hatsarin mota. Wanda ake ƙara zai ƙuntata, ya ce ƙuna daga murhu ta hanyar fetur ɗin wani. Idan raunin jiki ne kotuna sun fi karkata ga faɗaɗawa, ka faɗi haka a amsarka.

Yanke hannun kuma, nan ne za a ce ai ba wanda ya san tana da suga, mai lafiya da ya warke cikin sati uku. Gaskiya ne, amma ba ya taimakon Alhaji. Ƙa'idar ita ce yadda ka tarar da mutum haka za ka ɗauke shi. A Smith da Leech Brain na 1962 narkakken ƙarfe ya ɗiga wa ma'aikaci a leɓe, ƙuna ƙarama, ashe wurin yana dab da zama cutar daji, ƙunar ta tayar da ita ya mutu bayan shekara uku. An yanke shi bayan Wagon Mound da kaɗan, kuma kotu ta ce Wagon Mound bai taɓa wannan ƙa'idar ba, abin da ake bukatar hangowa shi ne ƙunar, ba iyakar inda za ta kai a jikin wannan mutumin ba. Saboda haka Alhaji zai biya hannun, da sana'ar da ta tsaya. Amma ka ga yadda ita da fasinja suka yi kama a ido, dukansu rauni ya ƙaru daga baya, sai dai nata daga yanayin jikinta ne wanda ba zaɓinta ba, nasa daga shawarar da ya yanke. Shi ya sa nata yake ƙarƙashin rimotnes, nasa ƙarƙashin yankewar sanadi, kuma ɗalibai da yawa suna musanya su.

Akwai wanda ba a saka a jerin masu ƙara ba amma mai ido zai gan shi, ɗan bumburutu. Ya yi asarar fetur da tebur, wannan lalacewar kaya ce kai tsaye, yana da ƙara, duk da za a taso masa da maganar halaccin sana'ar. Kuma Alhaji zai iya nuna shi da yatsa ya ce ajiye fetur kusa da wuta shi ma sakaci ne ga mai ƙosai, a raba musu biyan. Ba ya yanke igiyar, domin fetur ɗin yana wurin tun kafin tifar ta iso, ba sabon abu ne da ya shigo daga baya ba. Layi uku a kansa ya wadatar.

Wajen rubutawa, idan an ba ka minti 45, diyuti da birich na Alhaji ka yi su sau ɗaya a sama tunda duk masu ƙara a kansu suka dogara, kada su ci maka fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Daga nan ka bi mutum-mutum, kowanne ka tafi kai tsaye inda ƙararsa ke tangal-tangal, ɗan kasuwa a diyuti, iyalan ɗan acaba a kan likita a kozeshon, fasinja a yankewar igiya, mai ƙosai a rimotnes. Kuma tunda shawara aka ce ka bayar, ka tuna musu abin da kotunanmu ke nacewa a kai, mai ƙara dole ya zayyana ainihin abin da wanda ake ƙara ya yi na sakaci a takardar ƙara ya kuma kawo shaida, ba ya ce an yi sakaci kawai ba, wato bakaniken nan shi ne babban shaida, a nemo shi tun kafin ya canza gareji. Kuɗin magani da na kaskon da ya ƙone da cinikin da ya tsaya kuwa sai an lissafa su ɗaya bayan ɗaya an tabbatar, don haka mai ƙosai ta adana duk rasit ɗin asibiti da na kemis.